Zan yi jawabi a bikin autarmu, amma sunan Baba ya ƙi fita daga bakina

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ne babba a gidanmu. Mahaifinmu ya rasu wata 14 da suka wuce, bayan ya sha jinyar ƙoda. Tela ne, ya fi shekara 30 yana ɗinki a Kasuwar Barci. Yanzu saura mako 3 a ɗaura auren autarmu, an kuma ce ni zan yi jawabi a madadin iyali a wajen dina, an ba ni minti 5. Baffanmu ne waliyyi. Baba ya san yaron, shi da kansa ya karɓi gaisuwar iyayensa, har ya ce da hannunsa zai ɗinka wa ango babbar rigar ɗaurin aure. Ya sayi shaddar, ya yanka, Allah bai nufa ya ɗinka ba. Wani yaron shagonsa ne ya ƙarasa ta. Sau uku ina rubuta jawabin, da na zo kan sunansa sai muryata ta ƙi fita. Umma ko hotonsa ta gani sai hawaye, abokiyar zamanta Mama ma haka. Abokina ya ce a yi shiru na minti ɗaya a haska hotunansa a majigi. Matata ta ce in bar zancen gaba ɗaya kada in ɓata wa yarinya rana. Ni kuma ina ganin idan ban ambace shi ba kamar na ci amanarsa. Yaya zan yi?

Yayan amarya, Tudun Wada, Kaduna

Wa'alaikumussalam ɗana. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba ku haƙuri. Allah kuma ya sanya alheri a auren Auta.

Ka ambace shi. Ban ga hanyar da babban ɗa zai tsaya a gaban jama'a da sunan gida, ya gode wa kowa har mai girki da mai hoto, ya koma ya zauna bai furta sunan mai gidan ba. Kowa a wurin zai lura, Umma kuwa ita za ta fara lura. Shirun da matarka take nema maka da kyakkyawar niyya zai fi maganar nauyi a zukata, domin mutane za su zauna suna jiran inda za ka kawo shi, ba za su ji sauran abin da kake faɗa ba. Amma tsoron da take ji ma yana da tushe, na ga abin da idona.

Shekaru kaɗan da suka wuce na je bikin 'yar wata aminiyata a nan Kaduna. Yayan amarya ya karɓi makirufo, mutum mai hankali, ba mai neman suna ba. Ya fara da cewa yau ranar farin ciki ce amma zuciyarsa na wani wuri. Daga nan ya ɗauke mu ya kai mu asibiti: daren da aka kwantar da mahaifinsu, yadda ya riƙe hannunsa, abin da ya ce a kan amarya kafin ya daina magana. Kafin ya kai ƙarshe uwar amarya ta kifa kanta a kan tebur, ƙannenta biyu suka kama ta suka fita da ita. Amarya ta yi kuka har sai da mai kwalliya ta janye ta gefe. Dangin ango, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin marigayin ba, suka ajiye cokula suka sunkuyar da kai, sun rasa ko su ci gaba da cin abinci ko su tashi su yi gaisuwa. Mai kiɗa ya saki waƙa, ba wanda ya miƙe. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da yaron nan ya faɗa, kuma ƙaunar mahaifinsa ce ta sa shi. Ƙofar da ya shigo da shi ta cikinta ce ta jawo komai.

Mutum ɗaya ne, amma ana iya shigo da shi taro ta ƙofa biyu. Akwai ƙofar rasuwarsa: jinya, asibiti, wankin ƙoda, kalmar ƙarshe, ranar jana'iza, kujerar da ba kowa a kanta. Duk wanda ya ji waɗannan, hankalinsa maƙabarta yake tafiya, kuma kowane baƙo yana da nasa mamacin da zai tuna. Akwai kuma ƙofar rayuwarsa: sana'arsa, halinsa, wata magana da ya saba yi, wani abu da ya yi da hannunsa wanda har yanzu ake morarsa. Wannan takan sa mutane murmushi ko da idonsu ya ciko. Kai kuwa Allah ya ba ka abin da mutane da yawa ba su samu ba, wato rigar nan. Baba ya ga yaron, ya yarda da shi, ya auna shi, ya sa almakashi. Hannunsa yana cikin bikin nan tun kafin a buga kati. Abin da za ka gaya wa jama'a ke nan, kuma labari ne na albarka da yardar uba, abin da kowace amarya take so a ji a ranarta.

Sai dai labarin rigar ma yana da baki biyu, ya danganta da inda ka aza nauyin. Idan ka ce "ya yanka, amma bai kai ga ɗinkawa ba", ka tsaya a nan, ka koma ƙofar farko. Idan ka ce "shi ya zaɓi shaddar, shi ya yanka, yaron da ya koya wa ɗinki ya ƙarasa", magana ɗaya ce, amma ta ƙare a kan abin da ya cika. Ka duba kowace jimla ta jawabinka da wannan ma'auni: a ina ta sauka, a kan abin da aka rasa ko a kan abin da ya bari?

Akwai kalma ɗaya da nake so ka bi takardarka ka cire ta duk inda ta fito, ita ce "da". "Da Baba yana nan", "da ya ga wannan rana", "da Allah ya ƙara masa shekara ɗaya". Na san ita ce take fara zuwa baki, kuma kusan duk jawabin da na ji ya rikice, a kanta ya rikice. Tana sa kowa ya zana hoton marigayin a zaune a wurin, sannan ya goge shi, kuma gogewar ce take kawo kuka. Ka kuma tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru" idan wani abu ya same mu, ya ce mu ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata. Hausawa ma sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Haka kalmar "marainiya". Kada ta fito daga bakinka ko da da nufin neman ango ya tausaya mata. Yarinyar da baffanta ya tsaya mata, ga iyaye mata biyu, ga yayye, ba a gabatar da ita ga surukai da wannan suna. Ka guji "ba mu da kowa sai Allah" da "ni ne uwa ni ne uba" saboda dalili guda: Baffa yana zaune a gaba, ƙanin mahaifinku ne ko wansa, shi ya ba da auren da safe. Irin wannan magana ba ta ƙarewa a zauren biki, sai ta bi ku gida ta yi shekaru.

Yanzu ga tsawo da wuri. An ba ka minti 5, ka ci 3. A cikin ukun nan rabon Baba kada ya wuce minti ɗaya, wato jimla shida zuwa takwas. Ka sa shi a tsakiya. Idan ka buɗe da shi, muryarka za ta karye tun ba ka kama ƙasa ba, kuma duk abin da ya biyo baya zai ɗauki launinsa. Idan ka rufe da shi, da shi za ka miƙa makirufo, ka bar wa mai gabatarwa zaure mai sanyi. A tsakiya kuwa yana da abin da ya tokare shi gaba da baya: ka riga ka yi sallama da godiya muryarka ta zauna, kuma kana da inda za ka nufa bayan ka gama.

Bari in rubuta maka yadda nake jin sa a kunnena, kai kuma ka mayar da shi irin maganarka. Bayan sallama da godiya ga Allah, ka gode wa Baffa da sunan da kuke kiransa, ka gode wa Umma da Mama, ka yi wa dangin ango maraba. Sai ka juya wajen ango ka ce:

"Jama'a, duk wanda ya je ɗaurin aure da safe ya ga babbar rigar da ango ya sa. Wannan shadda mahaifinmu ne ya shiga kasuwa ya zaɓo ta, shi ya auna ango, shi ya yanka. Waɗanda suka san shi a Kasuwar Barci sun san ba ya sa almakashi a yadi sai ya tabbatar da awo. To ango, Baba ya auna ka, kuma awon ya yi masa. Yaron da ya koya wa ɗinki ne ya ƙarasa ta, ga shi can, muna gode masa. Auta, da yardar mahaifinki aka fara wannan magana, da yardar Baffa aka ɗaura. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya kai haske kabarinsa, tare da dukkan iyayenmu da suka riga mu."

Jama'a za su ce amin. Ka bar su su faɗa, ka ja numfashi ɗaya. Sannan ka ɗaga murya kaɗan ka ce:

"To ango, riga ta yi maka daidai, saura riƙon amana. Mun ba ka autarmu, wadda duk gidanmu ba mai iya ce mata a'a."

Daga nan ka faɗi wani abu mai daɗi game da halin Auta, ka yi musu addu'ar da aka koya mana a yi wa ma'aurata, Barakallahu laka wa baraka alaika wa jama'a bainakuma fi khair, ka ce a ci abinci a yi farin ciki, ka zauna.

Ka lura da abin da aka yi a ciki. Ba a ce ya rasu ba, ba a faɗi yaushe ba, ba a faɗi me ya same shi ba. "Allah ya jiƙan Baba" ta wadatar, duk Bahaushe ya gane, baƙin da ba su sani ba ma sun gane. Maganar awo za ta sa a yi 'yar dariya, kuma dariyar nan ita take riƙe hawaye kada su zube. Amma na zaci halinsa ne daga sana'arsa, kai ka san shi. Idan ba haka yake ba, ka cire ka sa abin da yake gaskiya. Kada ka ƙaga masa magana don ta yi daɗin ji, kada ka ce ya bar wasiyya kaza alhali bai bari ba. Abokansa na kasuwa suna wurin, matansa biyu suna wurin, za su gane, kuma amana ce.

Addu'ar tana da nata aikin. Mutanen da aka tuna musu da mamaci suna bukatar abin da za su yi da abin da ya taso musu, kuma amin ɗin nan da za su haɗa baki su faɗa ita ce hanyar. Da ita ake rufe ƙofar. Na ƙara "dukkan iyayenmu da suka riga mu" saboda a cikin dangin ango ma akwai masu nasu rashin, wataƙila ma ango kansa, don haka addu'ar ta zama ta kowa. Ka tambaya tun yanzu ko iyayen ango duka suna raye. Idan ɗaya ya rasu, ka ambace shi tare da Baba a cikin addu'ar, kada a yi wa gida ɗaya a bar ɗaya. Na kuma zaɓi addu'ar neman gafara da rahama da gangan. Ka san Kaduna, a tebur ɗaya za ka tarar da wanda ya saba a ce a karanta Fatiha ko Ƙulhuwallahu ƙafa kaza ga mamaci, da wanda ba ya ganin haka, ga kuma abokan aiki da maƙwabta Kirista da za su zo daga Barnawa ko Sabon Tasha. "Allah ya gafarta masa" ba wanda zai ƙi ce mata amin. Wajen biki ba wurin tayar da wannan saɓani ba ne.

Jimlar da ta biyo bayan amin ita ce ta fi kowace muhimmanci, kuma ita mutane suke mantawa su shirya. Sukan haddace abin da za su faɗa a kan marigayi, su bar fita ga sa'a, sai su tsaya cak bayan addu'a, shiru ya shiga, a cikin shirun nan kuma wata gwaggo take fara shessheƙa. Ka haddace jimlar fita fiye da yadda ka haddace ta shiga. Ta zama gajera, ta kama sunan ango ko amarya, ta kuma ɗauko wani abu daga labarin da ka gama, kamar yadda rigar ta ɗauke mu daga Baba ta kai mu ga ango ba tare da an ji an yi tsalle ba.

Game da Umma da Mama, ka ambace su tare, a jimla ɗaya, da girma ɗaya, ka fara da uwargida ko wace ce a cikinsu. Dukansu mijinsu ne, dukansu sun yi takabar wata 4 da kwana 10. Kada ka ce "Umma da ta yi jinyar Baba", ko da ita ta fi zama a asibiti. Ka ga wannan jimla ta haɗa illa biyu: ta mayar da mu asibiti, ta kuma ajiye mace ɗaya a gefe a gaban kishiyarta da jama'a.

Babban aikin ma ba a zauren biki yake ba, a gida yake, cikin makon nan. Abin da ya fi sa mutum ya fashe da kuka a taro shi ne maganar ta zo masa ba zato. Saboda haka ka ɗauki takardarka ka shiga ɗakin Umma bayan isha'i, lokacin da 'yan biki ba su fara cika gida ba, ka zauna a ƙasa ka ce, "Umma, ga abin da nake so in faɗa a kan Baba, ina neman izininki." Ka karanta mata duka. Za ta yi kuka, kai ma za ka yi, ku yi shi a nan inda ba kyamara ba surukai. Kuka ba laifi ba ne. Manzon Allah da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Washegari ka yi wa Mama haka. Sannan Auta, ita kaɗai, ba a gaban ƙawayenta ba. Ranar bikin idan suka ji jimlar farko sun riga sun san inda za ta ƙare, sun san ba za ka kai su asibiti ba, kuma wannan sanin shi ne zai riƙe su.

Idan Auta ta ce, "Yaya, labarin rigar ba zan iya ɗauka ba", ka ji maganarta. Ranar tata ce. Sai ka rage zuwa jimla biyu: da yardar mahaifinmu aka fara wannan magana, Allah ya jiƙansa. Ka ambace shi, ka cika haƙƙinsa, labarin rigar kuma ka ba wa ango shi a keɓe. Shi ma angon ka sanar da shi tun da wuri cewa za ka yi zancen rigarsa, kada ido ya dawo kansa bai shirya ba. Idan a wajen dina zai canza kaya, ka roƙe shi ya shigo da ita a jikinsa ko da zuwa ƙarshen jawabai ne, domin abin da ido yake gani ya fi saurin shiga.

Muryarka da take ƙin fita, na lura ka ce rubutawa kake yi. Rubutu a zuci ake yin sa, makogwaro bai saba ba. Ka fara faɗa da baki, da ƙarfi, kullum sau uku ko huɗu, a mota ko a ɗaki kai kaɗai. Kwana biyun farko za ka tsaya a wuri ɗaya kullum. Ka lura da kalmar da take tsayar da kai. Sau da yawa kalma ɗaya ce tak, kuma ina zaton a wurinka "Baba" ce, domin da ita kake kiransa yana amsawa. Idan haka ne ka ce "mahaifinmu" ko "maigidanmu", ko sunan da abokan sana'arsa suke kiransa da shi. Yana ɗan nisanta zuciya daidai yadda za ka iya wucewa. Bayan mako ɗaya ka faɗa a gaban matarka tana duba agogo. Za ta ga abin da take tsoro ba ya ciki, za ka kuma samu wanda ya san jawabin tare da kai.

Shawarar abokinka ban goyi bayanta ba. Shirun minti ɗaya ba al'adarmu ba ce, mu addu'a muka sani, kuma minti ɗaya a zauren da ya cika da mutane yana da tsawo ƙwarai. Ba ka ba su abin faɗa ba, kowa sai ya nutse cikin tunaninsa. Majigi kuma ya fi wannan haɗari, tunda ka san yadda Umma take da hotonsa. Magana kana iya gajarta ta idan ka ga fuskarta ta canza, hoton da aka haska a bango kuwa ba ya hannunka, yana hannun wani yaro a bayan na'ura. Hotunan ku haɗa su a kundi ku ba Auta bayan ta tare, ta duba a ɗakinta lokacin da ta ga dama.

Akwai mutum uku da za su iya rushe duk wannan shiri idan ba ka yi musu magana ba. Na farko mai gabatarwa. Da yawansu idan suka ji an ambaci mamaci sai su ga dama ta samu, su karɓi makirufo su ce "kai jama'a, duniya ba komai ba ce", su yi wa'azin minti biyar. Ka same shi kafin a fara, ka ce masa da ka gama ya ce amin kawai ya kira abu na gaba, kuma kada ya gabatar da kai da "wanda ya maye gurbin marigayi". Na biyu mai sa kiɗa. Ka hana shi sa maka sauti mai sanyi a ƙarƙashin magana, ka ce ya kashe komai, ya shirya mai daɗi da zai saki da zarar ka zauna. Na uku maroƙa. Su sana'arsu ce su kamo sunan uba su yi ta kirari har sai an yi liƙi, kuma sun san sunan mamaci ya fi saurin buɗe jaka. Ka sa wani ƙaninka ya sallame su da abin da ya sawwaƙa tun daga ƙofa, ya roƙe su su wasa ango da amarya su bar marigayi ya huta.

Lokacin jawabin ma ka nemi a gyara maka. Ya zo bayan ango da amarya sun shigo sun zauna an yi addu'ar buɗewa, kafin a fara rawa da liƙi, kuma abin da zai biyo bayansa ya zama mai motsi, kamar yanka kek ko fitowar ƙawayen amarya. Kada a jera ka da wani dattijo da kake zaton shi ma zai yi zancen Baba. Idan Baffa zai yi magana, ka je ka gaishe shi ka gaya masa abin da ka shirya, cikin ladabi, don kada a ambaci rasuwar sau uku a dare ɗaya. Idan kuma a daren za a kai amarya, ka tabbata akwai tazara mai yawa tsakanin jawabinka da tafiyar. Lokacin da iyaye za su yi mata faɗa a lulluɓe ta a sa ta a mota, dama can lokacin kuka ne, kuma a nan ne rashin Baba zai fi taɓa ta. Kada ka tura ta can da idon da ya riga ya kumbura.

Ranar, ka riƙe takarda ko da ka haddace, ka rubuta da manyan baƙaƙe, ka ja layi a ƙarƙashin jimlar fita. Idan ka zo kan Baba kada ka kalli Umma, kada ka kalli Auta. Ka kalli ango, ko rigar, ko wani abokinka da ka ajiye a tsakiyar zaure. Alamar cewa abin yana tafiya daidai ita ce ka ji 'yar dariya ko "Allah sarki" ƙasa-ƙasa, mutane suna kallonka. Alamar cewa ya fara nauyi ita ce kawuna su sunkuya, mata su fara jan gefen mayafi zuwa fuska, ƙarar cokula ta ɗauke gaba ɗaya. Da ka ga haka ka tsallake duk abin da ya rage, ka tafi kai tsaye ga "Allah ya jiƙan Baba". Idan muryarka ce ta karye, ka tsaya, ka sauke makirufo daga bakinka, ka ja numfashi biyu. Kada ka ce "ku yi haƙuri", domin ita take jawo "ayya" daga kowane ɓangare, daga nan kuma riƙewa take wuya. Ka ce "Allah ya jiƙansa" kawai, jama'a za su ɗauke ka da amin ɗinsu har ka dawo. Ɗigon hawaye a idon babban wa ba ya ɓata biki. Ka dai tsayar da ƙaninka ko amininka kusa da kai wanda ya san jimlar fita, idan ta gagara gaba ɗaya ya karɓa ya ƙarasa da addu'ar ma'aurata.

Abu na ƙarshe da ya tsaya mini a rai shi ne maganar cin amana da ka yi. Ina jin kana ɗora wa minti ɗayan nan nauyin da ya fi ƙarfinsa, kamar duk haƙƙin Baba a kansa ya rataya. Ka rarraba nauyin. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah ya ce yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya wuce. Ka ɗauki katin gayyata da goro da alewa ka shiga Kasuwar Barci da ƙafarka, ka bi layin telolin da suka zauna da shi shekara 30, ka gayyace su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗaurin aure. Tsofaffin cikinsu ba lallai su zo dina ba, don haka ka tanadar musu wurin zama a inuwa da abincinsu a wajen walima, ka kai ango ya durƙusa ya gaishe su da rigar a jikinsa. Za su gane yankan abokinsu tun daga wuya. Yaron da ya ƙarasa ɗinkin kuma ka ba shi kujera a teburin iyali, ka gaya masa tun yanzu cewa za ka nuna shi, don ya zo da shirinsa.